Aji Biyu, Babu Ƙuri'a: Sharhi kan Ɗan Littafin Campbell da Stanley

Duk malamin da ke shirin gwada wata sabuwar hanyar koyarwa a ajinsa, ko don furojet ɗin digiri ko don ya gamsar da kansa, ina roƙonsa don Allah ya nemi ɗan littafin nan na Donald Campbell da Julian Stanley mai suna Experimental and Quasi-Experimental Designs for Research. Bai kai shafi ɗari ba. Da farko ma babi ne a cikin wani babban kundi kan binciken koyarwa da N. L. Gage ya tace a 1963, sai a 1966 aka fitar da shi shi kaɗai. Ya haura shekara sittin ke nan, amma wallahi in ka buɗe shi sai ka rantse marubutan sun zauna a ofishin wani firinsifal a Kiru ko Bebeji sun ji abin da ake faɗa wa mai bincike. Ban san wani littafi a wannan fage da nake so kamarsa ba.

Abin da ya sa ya shiga raina shi ne ya fara daga inda muke tsaye. Kowa ya karanta a aji cewa gwaji na ƙwarai shi ne a zuba sunayen ɗalibai a jefa ƙuri'a, rabi su samu sabuwar hanya, rabi su ci gaba da tsohuwa. Ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba, don haka masu ƙoƙari da masu rauni za su watsu a ɓangarorin biyu daidai gwargwado. To amma je ka faɗa wa shugaban wata ƙaramar sakandare a Tudun Wada cewa za ka wargaza masa aji biyu ka sake rabawa a tsakiyar zango. Zai saurare ka da mutunci, sannan ya ce: "Malam, ai jadawalin nan da ƙyar muka haɗa shi, malamin lissafin ma ɗaya gare mu. Ga 2A nan, ga 2B, ka ɗauke su yadda suke." Kuma gaskiyarsa. A nan ne littattafai da yawa suke barin mutum a tsaye, wasu su ce bincikensa ba bincike ba ne, wasu kuma su bar shi ya yi lissafi kamar ya jefa ƙuri'ar alhali bai jefa ba. Campbell da Stanley suka ce a'a, akwai hanya ta uku: ka yi aikinka da azuzuwan yadda ka same su, amma ka zauna ka lissafo duk wani dalili da zai iya haifar da sakamakon da ka gani ban da sabuwar hanyar taka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga wanne tsarin naka ya toshe, wanne ya bari a buɗe.

Littafin ya jero tsare-tsare 16, amma na goma shi ne namu, shi ne wanda ɗaliban ilimi na Bayero da na kwalejojin horar da malamai suke amfani da shi kullum, ko sun san asalinsa ko ba su sani ba. Ga yadda suka zana shi:

```
O   X   O
---------
O       O
```

Kowane O gwaji ne, X kuma ita ce sabuwar hanyar. Layin sama shi ne ajin da aka yi wa sabon abu, na ƙasa ajin kwatanci. Wannan tsinkakken layin da ke tsakiya, shi ne ya fi burge ni a duk littafin. Ma'anarsa ba ƙuri'a ce ta raba mutanen nan ba, don haka kada ka kuskura ka ɗauka daidai suke. Duk lokacin da ka zana tsarinka, layin yana nan yana tuna maka. Ina ganin ba a taɓa koyar da gaskiya a bincike da alama mai sauƙi irin wannan ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Lambobin nawa ne, na tsara su don bayani kawai. A ce wata malama tana so ta gwada koyar da ɓangarorin lamba, wato rabi da sulusi da rubu'i da haɗa su, ta hanyar yanka takarda da kara a hannu maimakon rubutu a allo kawai. Ta samu aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗaya a wata makaranta a Kiru, ɗaya a wata a Bebeji, kowanne da yara 60. Littafin ya ba da shawara cewa ko da ba za a iya yi wa yara ƙuri'a ba, a yi wa azuzuwan: a jefa kwabo a ga wanne zai samu sabuwar hanya, kada a bari malamin da ya fi zumuɗi ya ce a ba shi. Kwabo ya faɗa kan Kiru.

Kafin a fara komai aka yi gwajin farko a mako guda, da tambayoyi iri ɗaya. Ajin Kiru ya samu matsakaicin maki 38 cikin ɗari, na Bebeji 44. Bayan mako shida aka sake gwadawa, Kiru ta samu 57, Bebeji 53.

Wanda ya gwada ajin Kiru shi kaɗai zai ce sabuwar hanya ta ƙara maki 19. Littafin ya rushe wannan tun a shafukansa na farko, domin yaran sun ƙara mako shida a makaranta, sun taɓa ganin irin tambayoyin, kuma ko da tsohuwar hanya aka koya musu ai za su koyi wani abu. Ga shaida nan, ajin Bebeji da ba a yi wa komai ba ya ƙaru da 9. Wanda kuma ya kwatanta gwajin ƙarshe kawai zai ce bambancin maki 4 ne, ya manta Kiru daga baya ta taso. Abin da tsari na goma ya ba ka shi ne ka cire 9 daga 19, ya rage 10. Wannan goman ita ce hasashenka na farko na abin da sabuwar hanyar ta yi. Dubi yadda ajin kwatanci, duk da ba tagwayen na farko ba ne, ya share maka dalilai uku a lokaci ɗaya: girman da yara ke yi da kansu, sabon da suka yi da jarrabawar, da duk wani abu da ya faɗa wa jihar baki ɗaya a wannan lokaci. Da babu gara ba daɗi, kuma a nan ba daɗin ma yana da ƙarfi sosai.

Kada a raina wannan na ukun. A Oktoban 2019 aka fara shirin KaLMA na ƙarfafa karatu da lissafi a firamaren Dawakin Tofa da Wudil, sai ga shi a Maris ɗin 2020 an rufe makarantu saboda korona. Duk mai binciken da ke bin aji ɗaya tilo a wannan shekara ba shi da yadda zai raba tasirin koyarwarsa da tasirin zaman gida na watanni. Mai aji biyu kuwa, rufewar ta shafi duka biyun.

Da littafin ya tsaya a nan da ya isa a yaba masa. Amma daɗinsa shi ne bai bar ka ka yi murna da gomanka da wuri ba.

Tambaya ta farko: su wa suka zauna gwajin ƙarshen? Duk wanda ya koyar a wannan yanki ya san abin da ke faruwa a zangon farko idan kaka ta yi. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ana yankan shinkafa a Tudun Wada, ana karyar masara a Doguwa, kuma yaran da ake ɗauke wa zuwa gona galibi su ne waɗanda tun da ma zuwansu makaranta bai da ƙarfi. A ce a ajin Kiru yara 48 ne suka zauna gwajin ƙarshe, 12 ba su zo ba, a Bebeji kuma kowa ya zo. Malama ta koma rajista ta duba makin waɗannan 12 a gwajin farko, ta tarar matsakaicinsu 22 ne. To a yi lissafi. Jimillar makin aji a farko 60 sau 38 ne, wato 2,280. Na waɗanda suka tafi 12 sau 22 ne, wato 264. Abin da ya rage 2,016 ne, a raba wa yara 48, kowa ya tashi da 42. Ashe waɗanda suka tsaya har ƙarshe daga 42 suka faro, ba daga 38 ba. Ƙaruwarsu ta gaskiya 15 ce, ba 19 ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu da Bebeji ta sauko daga 10 zuwa 6. Maki huɗu cur sun shigo ne kawai don masu rauni sun tafi gona. Ba wanda ya yi maguɗi, ba wanda ya yi ƙarya, amma da an buga 10 da an yaudari mai karatu. Maganin ba wuya: ka ba kowane yaro lamba tun ranar farko, ka kwatanta waɗanda suka zauna gwaji biyun kawai, sannan ka faɗi nawa suka ɓace a kowane aji da makinsu na farko.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi jin daɗin yadda suka warware ta, domin ita ce ta fi ɓuya. Yaya aka zaɓi ajin tun asali? A makarantu da yawa ba haka kawai ake zuba yara a A da B ba, jarrabawa ce ke raba su. Kuma idan baƙo ya zo da sabuwar dabara, shugaba mai tausayi yakan ce a kai ta ajin da ya fi rauni, su ne mabuƙata. Niyya ce mai kyau, amma ga abin da take haifarwa. Makin kowace jarrabawa ya ƙunshi abin da yaro ya sani da kuma sa'ar wannan rana: zazzaɓi, yunwa, tambayar da ta faɗo inda bai karanta ba. Idan ka tsince waɗanda suka fi faɗuwa a jarrabawa guda, ka tsinto har da waɗanda rashin sa'a ce ta kai su ƙasa, kuma rashin sa'ar ba za ta sake bin su duka a karo na biyu ba. A ce matsakaicin makaranta 50 ne, an ware masu 30 aka yi musu aji, kuma dangantakar gwajin farko da na biyu 0.7 ce. Tazararsu da tsakiya 20 ce, a karo na biyu ana sa ran ta zama 0.7 sau 20, wato 14. Za su samu wajen 36 ko da ba wanda ya koya musu ko harafi ɗaya. Wannan komawa wajen tsakiya ita ce ke sa kowane darasin gyara ya yi kamar yana aiki.

Daga nan suka yi gargaɗin da na so a rubuta shi a ƙofar kowane sashen ilimi. Ɗalibi yakan ga azuzuwansa biyu ba su yi daidai a gwajin farko ba, sai ya ce bari ya gyara: ya tsinci yara daga nan da can masu maki iri ɗaya, ya haɗa su biyu-biyu, ya watsar da sauran. A ido kamar adalci ne. Amma yaron Kiru mai 50 yana saman ajinsu ne, wataƙila da taimakon sa'a, shi kuwa na ajin da ya fi ƙarfi mai 50 bai yi nisa da tsakiyar nasu ba. A gwaji na biyu kowa zai karkata wajen tsakiyar ajinsa, sai tazara ta ɓullo wadda ba koyarwa ce ta kawo ta ba. Campbell bai bar maganar nan a takarda ba. Bayan rahoton 1969 da ya nuna kamar shirin Head Start na yaran talakawa a Amurka bai amfane su ba, shi da Albert Erlebacher sun rubuta a 1970 suna nuna yadda irin wannan haɗa yara biyu-biyu zai iya sa shiri mai taimako ya fito kamar yana cutarwa. Ka ji mutumin da ya san cewa kuskuren lissafi yana iya rufe wa yara ƙofa.

A misalinmu malama ta tsira daga wannan, tunda ba don rauni aka zaɓi Kiru ba, kwabo ne. Kuma akwai wani abin farin ciki a lambobinta. Kiru ta faro a ƙasa, 42 da 44, ta ƙare a sama, 57 da 53. Layukan sun gitta juna. Littafin da Thomas Cook da Campbell suka fitar a 1979, wanda ya ɗora a kan wannan, ya nuna cewa wannan shi ne sakamakon da ya fi wuyar musantawa. Komawa tsakiya tana iya matso da na ƙasa kusa da na sama, amma ba ta da dalilin tsallakar da shi. Da akasin haka aka samu, wato ajin da ya faro a sama shi aka ba sabuwar hanya kuma ya ƙara nisa, sai mu ce a dakata, domin masu ƙoƙari da ma sun fi saurin ƙaruwa, ko da sabon abu ko babu.

Sauran ramukan ba sai na daɗe a kansu ba. Idan mai binciken shi ne zai yi makin takardu, hannunsa zai yi sauƙi a kan ajinsa ko bai yi niyya ba, don haka a cire sunaye, a cakuɗa takardun, a ba wani malami tare da amsoshin da aka amince da su. Idan kuma azuzuwan biyu a makaranta ɗaya suke, yaran 2A za su nuna wa 'yan'uwansu na 2B yankakkun takardun a lokacin tara, malamin 2B ma zai leƙo ta taga ya ɗauki dabarar, sai bambancin ya narke. Shi ya sa malamarmu ta raba su tsakanin Kiru da Bebeji. Sai dai wannan ma da kuɗinsa, domin yanzu kowace makaranta tana da nata labarin: ranar kasuwarta daban, an yi wa wani malami canjin wurin aiki a nan, iska ta yaye rufin aji a can. Littafin bai yi alkawarin tsarin da ba shi da rami ba. Abin da ya yi shi ne teburori masu alamar tarawa da ta ɗebewa da ta tambaya, kowane tsari a layinsa, kowace barazana a ginshiƙinta, ka ɗora yatsa ka ga inda kake da ƙarfi da inda ya kamata ka buɗe ido. Barazana takwas suka lissafa ga ingancin sakamako a cikin gida, da wasu huɗu ga yaɗa shi zuwa wasu wurare. Na ga ɗalibai da suka kasa gane babi guda na wasu manyan littattafai sun gane wannan tebur a zama ɗaya.

Akwai rami ɗaya da ya fi duka zurfi, kuma gara a faɗe shi ƙarara. Aji biyu na nufin malami biyu, makaranta biyu. Manomin da ya zuba sabon taki a gonarsa ta bakin ruwan Tiga, ya bar ta kan tudu da tsohon taki, in ta bakin ruwa ta fi yabanya ba zai iya rantsuwa cewa takin ne ba, ko da ya ƙirga kowace zangarniya. Haka yara 108 ɗin nan suke: ba mutum 108 masu zaman kansu ba ne, gungu biyu ne, kowanne a ƙarƙashin malami ɗaya. Ɗalibai sukan shigar da makin a SPSS, su yi ANCOVA, su sa gwajin farko a akwatin Covariate, su ga p ta yi ƙasa da 0.05, su ce shi ke nan. Lissafin yana da amfani, yana rage tasirin tazarar farko, amma bai san cewa malamin Kiru ya fi na Bebeji iya bayani ba, kuma idan gwajin farkon kansa ba shi da inganci sosai, gyaran da yake yi ba ya cika. Wanda ke da hali ya ƙara azuzuwa: huɗu a Kiru da Bebeji, huɗu a Tudun Wada da Doguwa, a kowace ƙaramar hukuma a jefa kwabo tsakanin biyu. Da haka ma zai san ko dabarar da ta yi aiki a bakin titin Kano zuwa Zariya, kusa da Kwanar Ɗangora, tana aiki a makarantar da ke bayan dajin Falgore wajen Riruwai, inda malamai da kayan aiki da zuwan yara duk suka bambanta.

Wanda kuma ba shi da kuɗin mota zuwa makarantu takwas, akwai dabarar da littafin 1979 ya fito da ita sosai, kuma ita nake fara ba kowane ɗalibi shawara a kai. A zango na biyu a juya: Bebeji ta samu sabuwar hanya, Kiru ta koma yadda aka saba, sannan a yi gwaji na uku. Idan dabarar ce ke aiki, Bebeji za ta yi tsalle a wannan karon ta cim ma Kiru, a hannun malaminta na da, a makarantarta ta da. Idan kuwa Kiru ta ci gaba da yin gaba ita kaɗai, to malamin ne ko makarantar, ba yankan takarda ba. Ga kuma wata riba da shugabannin makarantu ke so: ba ajin da aka hana, kowa ya samu, lokaci ne kawai ya bambanta. Firinsifal ɗin da ya ƙi a wargaza masa aji yakan amince da wannan nan take, domin ba abin da zai taɓa a jadawalinsa, kuma yana da amsar da zai ba uban da ya zo tambayar me ya sa aka yi wa 'yan wancan aji abin da ba a yi wa ɗansa ba.

Turancin littafin yana da ɗan nauyi a wasu wurare, gaskiya ne, kuma lissafin da ake yi wa gungu-gungun ɗalibai ya ci gaba sosai tun bayansa, wanda ke son wannan sai ya nemi na 2002 da William Shadish ya rubuta tare da Cook da Campbell. Amma ga malamin da zai shiga 2A ranar Litinin, ya fara da bayanin barazana takwas ɗin da ke farkon littafin, ya tsallaka zuwa tsari na goma, ya kwafi layinsa na tebur a bangon littafin rajistarsa, sannan ya buga tambayoyin gwajin farko kafin ya koyar da darasi ko ɗaya.